Wane Ne "Rawani"? Nazari a Kan Waƙar Damina da Ta Tayar da Ƙura a Unguwarmu

Tun da fitowar da ta gabata ta shiga hannun jama'a ba mu huta ba. A teburin mai shayi, a bakin masallaci bayan la'asar, har a cikin motar Madalla, maganar ɗaya ce: waƙar nan ta damina da wani matashin unguwarmu ya aiko muka buga. Wasu sun ce yaro ya yi rashin kunya, ya taɓa manya. Wasu sun ce ai gaskiya ya faɗa. Wani dattijo ma ya tako har inda muke, ya ce mu gaya masa tsakani da Allah, da wa ake a baitin farko, don shi kam ya ji kamar da fada ake.

To, ba za mu raba gardamar da rantsuwa ba. Abin da za mu yi shi ne mu zauna mu feɗe waƙar, domin rigimar duk ta taso ne daga wani salo guda na adon harshe, wato a ambaci wani abu alhali mai abin ake nufi. Ga baitocin da ake magana a kansu, saboda wanda bai gani ba:

Rawani ya kwanta yana ta barci,
Kwata ta cika, ta hau kan hanya.

Baki bakwai ne a ɗakin iya,
Kwana biyu ba a ɗora tukunya.

Ƙafa dubu na fita da asuba,
Abuja ta sha gumi ba godiya.

Babbar riga ta zo da Murtala,
Ta sayi yatsa, ta bar mu da kunya.

Ambaliya kura ce, dare take bi,
Ba ta sallama, ba ta jin magiya.

Agogo ya zo ya leƙa ya koma,
Har yau ba mu ga tsakuwa ko ɗaya.

Allo da biro, ku ɗauko shebur,
Unguwa ba ta gyaruwa da jayayya.

Kafin mu taɓa rawanin, bari mu fara da abin da kowa ya sani. Idan uwargida ta ce wa maigida "ka ba da na goro", ba lallai goro za a saya ba. Idan aka ce "wane yana cin guminsa", babu wanda ya taɓa ganin an zuba gumi a kwano. Idan aka ce "ƙafa ta ɗauke a kasuwa", ba ƙafafuwa ne suka tashi suka bar masu su ba. Kullum muna wannan magana ba mu ma san muna yi ba. Mawaƙi bai ƙirƙiro salon ba, a bakinmu ya tsince shi, ya wasa shi kamar yadda ake wasa wuƙa.

Salon iri biyu ne, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu yana da amfani. Na farko shi ne a kira abu da sunan maƙwabcinsa, wato wani abin da ba ya rabuwa da shi: tufarsa, kayan aikinsa, garinsa, ko abin da aikinsa ke haifarwa. Kaki na nufin soja, alƙalami na nufin malami ko alƙali, gumi na nufin wahala. Na biyu shi ne a kira abu da sunan wani sashe na jikinsa, kamar a ce baki ko ƙafa ko hannu ana nufin mutum ɗungurungum, ko kuwa a juya, a ambaci duka ana nufin sashe, kamar a ce "Nijeriya ta ci ƙwallo" alhali mutum goma sha ɗaya ne suka buga. 'Yan makarantar da ke karanta adabin Turanci sun san na farko da sunan metonimi, na biyu kuma sinekdoki, kuma misalin da ake ba su kullum shi ne kambi a madadin sarki. A ajin Hausa akan ji an tara irin wannan a ƙarƙashin kinaya. Su kuwa waɗanda suka zauna gaban malam a zaure suka karanta balaga, a littafi irin su Jauharul Maknun, sun san su duka biyun da suna majazi mursali.

Mun kawo maganar malaman zaure ne don sun bar mana ma'auni biyu da suka fi kowane sauƙin riƙewa. Sun ce duk irin wannan magana tana bukatar alaƙa da ƙarina. Alaƙa ita ce igiyar da ta ɗaure abin da aka faɗa da abin da ake nufi. Ƙarina ita ce alamar da ke cikin maganar wadda ke hana ka ɗaukar kalmar a zahirinta. Dubi layin farko: "Rawani ya kwanta yana ta barci." Rawani ƙyalle ne, ƙyalle ba ya barci, saboda haka kalmar barci ita ce ƙarina, ita ce ke ce maka tsaya, akwai mutum a nan. Alaƙar kuwa ita ce rawani a kan mutum yake zama. Duk inda ka ji an jingina wa abu aikin da ba zai iya ba, to ka nemi mai abin, yana kusa.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke zamewa, domin siffantawa ma haka take farawa. "Ambaliya kura ce" shi ma ba zahiri ba ne. Yaya za a bambanta? Hanyar da muke bi mai sauƙi ce: a saka kalmar "kamar" a gani ko za ta zauna. Ambaliya kamar kura take? E, ta zauna daram: tana zuwa da dare, tana ɗauke abin mutane, ba ta jin roƙo. To wannan kama ce, siffantawa ce. Yanzu gwada ɗayan: mai sarauta kamar rawani yake? Ba ta zauna ba. Mutum bai yi kama da rawani ba, sa shi yake yi. Ma'aikaci kamar ƙafa yake? A'a, ƙafar tasa ce. Inda "kamar" ta ƙi zama, amma "nasa ne" ko "a jikinsa yake" ko "a can yake zaune" ta zauna, to ka kama salon da muke magana a kai. Shi ya sa idan aka kira Sardauna Ahmadu Bello da Gamji, siffantawa ce, don an kwatanta shi da babbar bishiya mai inuwa. Amma idan aka ce Shagari ana nufin shugaban ƙasa na 1979 zuwa 1983, sunan garinsu ne ya zama sunansa, ba wai ya yi kama da garin ba.

Da wannan ma'auni a hannu, mu bi baitocin da suka yi kyau tukuna. Baiti na biyu, a ganinmu, shi ne zuciyar waƙar. Yaron bai ce yara bakwai ba, bai ce rai bakwai ba, ya ce baki bakwai. Duka ukun adadi ɗaya suke bayarwa, amma ba abu ɗaya suke nunawa ba. Da ya ce rai bakwai, da hankalinmu ya tafi ga haɗari ko mutuwa, don haka muke ƙirga mutane idan mota ta faɗi. Da ya ce hannu bakwai, da mun ɗauka gidan na da masu aiki. Ya zaɓi baki saboda a ɗakin da babu abinci, abin da uwa ke gani a jikin kowane yaro ke nan. Sannan ya rufe da tukunya, mazubi a madadin abin da ke ciki. Bai ambaci yunwa ko sau ɗaya ba, amma duk wanda ya karanta ya ji ta. Wannan shi ne babban abin da muke so mai karatu ya riƙe: sashen da mawaƙi ya zaɓa ba a banza yake zaɓa ba, a nan yake ɓoye hukuncinsa. Idan ka gano wa ake nufi, aikinka bai ƙare ba, sai ka tambayi me ya sa aka kira shi da wannan ba da wancan ba.

Baiti na uku ya tabbatar da haka. "Ƙafa dubu na fita da asuba." Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi da sassafe ya ga yadda Suleja ke kwarara zuwa babban birni, ta wuce gindin Zuma, magina da direbobi da masu gadi da ma'aikatan ofis, ya san hoton. Mawaƙin ya mayar da su ƙafa domin a wannan lokacin ba a ganin fuskar kowa, tafiya kawai ake gani. A layi na biyu kuma ya jera salo biyu a jere: Abuja a madadin masu ɗaukar aiki da masu mulki da ke cikinta, gumi a madadin wahalar da ta fitar da shi. Gari ba ya godiya, mutanen gari ke yi, ƙarinar ke nan.

Kuma wannan layi yana da wani ɗaci da sai ɗan Suleja zai ji shi sosai. Sunan Abuja ai na garin nan ne tun asali, daga Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828, bayan sarautar Haɓe ta baro Zariya. Da aka tsayar da shawarar gina sabon babban birni a 1976 ne aka ɗauki sunan aka ba shi, garin nan kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ka ga ke nan sunan mutum ya zama sunan gari, sunan gari ya ƙaura ya zama na wani birni, yau kuma idan rediyo ta ce "Abuja ta ce", gwamnatin tarayya take nufi. Kalma ɗaya ta yi tafiya zango uku, kowane zango ta hanyar maƙwabtaka. Ko yaron ya yi niyyar wannan ko bai yi ba, layin ya ɗauke shi, kuma mu da muke zaune a tsohuwar Abuja muna kai gumi sabuwa mun ji shi.

Baiti na huɗu ya fi kowane cunkoso, abu uku a layi biyu, amma babu wanda ya ɓata a ciki. Babbar riga ɗan siyasa ne, kamar yadda kaki yake soja. Murtala kuwa naira ashirin ce, saboda hoton Janar Murtala Muhammed da ke kanta tun 1977, takardar da a yau bayanta ke ɗauke da Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta yi suna daga garin nan. Yatsa kuma ƙuri'a ce, don shi ake dangwalawa. Wani ya ce mana ai ba wanda ke sayen ƙuri'a da naira ashirin a yau, saboda haka mawaƙin ya yi kuskure. Mu ba mu ga kuskure ba. Da gangan ya ɗauko ƙaramar takarda don ya nuna arhar abin da aka sayar. Haka nan da ya ce "ta sayi yatsa" bai ce ta sayi mutum ba, ya nuna mana yadda mai babbar rigar ke kallonmu: ba ya bukatar kanmu ko cikinmu, yatsan kawai yake so, na rana ɗaya. A nan ana ganin ɗayar fuskar wannan salo. Kiran mutum da sashen jikinsa yana iya zama tausayi, kamar bakin da ke ɗakin iya, yana kuma iya zama ƙasƙanci, kamar yatsan nan. Mai karatu ya riƙa lura da idon wa ake kallo.

Yanzu inda waƙar ta yi tuntuɓe. "Agogo ya zo ya leƙa ya koma." Mun tambayi mutum biyar, mun sami amsa huɗu. Ɗaya ya ce lokaci ake nufi, ɗaya ya ce wani attajiri, ɗaya ya ce mai gyaran agogo, biyu suka ce ba su gane ba. Da muka tambayi mai waƙar, sai ya ce wai wani jami'i ne da ya zo duba kwatar yana ta kallon agogon hannunsa. To ka ji matsalar. Ƙarina tana nan, don agogo ba ya leƙe, amma alaƙar a cikin kan mawaƙin kaɗai take. Shi ya ga mutumin, mu ba mu gan shi ba. Kaki yana aiki ne don duk ƙasa ta san mai sa shi. Agogo kuwa kowa na ɗaurawa, daga ɗan acaɓa har liman. Ƙa'idar ita ce, abin da za a ambata ya zama jama'a sun riga sun san shi da mai shi, ko kuwa waƙar da kanta ta gina sanin tun a baitocin baya. Da ya ce fayil, ko farar mota, da ya fi kusa. Wannan baiti yana bukatar gyara, kuma mun gaya masa.

To, mu dawo kan rawani. Bature yana cewa kambi ya san ba shi da mai shi sai ɗaya a ƙasa. Mu ba haka muke ba. A ƙasar Hausa rawani yana kan sarki, yana kan hakimi da dagaci da mai unguwa, yana kan liman da malami, dogari ma da nasa ja, Buzu kuma ya naɗa nasa ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Saboda haka wanda ya fassara kambi da rawani kai tsaye ya faɗaɗa abin da yake ƙunci. Idan Bahaushe yana son ya nuna sarki shi kaɗai ba tare da ya kama suna ba, yana da kayan da ba a tarayya a kansu: tambari, kakaki, karaga, ko sandar girma. Wasu masarautun ma suna da nasu na musamman, kamar tagwayen masu a Kano, ko takobin nan Gajere a Katsina. Bakano ya ji an ce tagwayen masu sun fito, ba ya tambayar wa ke tafe.

Unguwarmu kuma ta ƙara wa abin wuya, domin mu taron dangi ne. Akwai wanda kakansa ya zo daga Kano, akwai na Katsina, na Sakkwato, na Maraɗi, kowa da abin da kunnensa ya saba. Ko kalmar Zazzau ma a nan ba ta da ma'ana ɗaya: mutumin Zariya ya ji ta zuciyarsa ta tafi gida, ɗan asalin garin nan kuwa ya san sarkinsa ma Sarkin Zazzau ake ce masa. Mawaƙin da ke rubuta wa irin wannan unguwa dole ya san cewa igiyar da ta ɗaure kalma da ma'ana a wani gida, a gidan maƙwabci tana iya zama a kwance.

Duk da haka, ba mu yarda cewa baitin a buɗe yake kowa ya cusa wanda ya ga dama ba. Layi na biyu ya taƙaita na farko. An ce rawani, nan take aka ce kwata. Wane rawani ne ake kai wa ƙarar kwatar unguwa? Ba liman ba, ba dogari ba, ba kuma fada ba. Da fada yaron yake nufi, da kayan da ya ɗauko sun yi daidai da girmanta, da mun ji tambari ko kakaki, da kuma abin da ya lalace ya fi kwata girma. Saboda haka amsarmu ga dattijon da ya zo ita ce: Baba, ba da fada ake ba. Rawanin da ke cikin baitin nan na kusa ne, na masu riƙe da unguwa, mutanen da muke gaisawa da su kullum.

Shin wannan rashin kunya ne? A nan ma salon ne zai ba da amsa. Da yaron ya kama suna, da ya zama zambo, kuma da ba mu buga ba. Da ya ce rawani, sai ya ɗauke maganar daga kan mutum ya ɗora ta a kan muƙami. Bai ce wane malalaci ne ba, ya ce abin da aka naɗa don ya tsaya a tsaye ya kwanta. Wanda aka naɗa jiya da wanda za a naɗa gobe duk maganar ta shafe su daidai. Wannan tsohuwar hanya ce ta yi wa na gaba nasiha a ƙasar Hausa: a ba shi wurin da zai ji maganar ba tare da an tsinka shi a gaban jama'a ba. Wanda ya ga rawanin ya yi daidai da kansa, shi ya sani.

Inda muke da ja da mawaƙin shi ne wani wuri dabam. Wannan salo yana tattara abu mai yawa ya zuba a kan abu ɗaya, ƙarfinsa ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Kwata ba barcin rawani kaɗai ke cika ta ba. Akwai hukumar da aikin magudanar ruwa ke wuyanta, akwai wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, akwai mu da muke juye shara da ledar ruwa a ciki da zarar hadari ya haɗu. Baitin farko ya bar duk waɗannan ya kama wanda ya fi sauƙin gani, don rawani a sama yake. Abin da ya ceci waƙar shi ne baitin ƙarshe, inda ya juyo ya kira allo da biro, wato almajiran zaure da 'yan boko, ya ce su ɗauko shebur. Da kayan karatunsu ya kira su, kamar yana cewa duk ilimin nan naku ga inda ake bukatarsa. Waɗanda suka tsaya a layin farko suka yi fushi, da waɗanda suka tsaya a nan suka yi tafi, duk ba su kai ƙarshen waƙar ba.

Ga masu aiko mana da waƙoƙi, kafin ku rufe ambulan ku karanta wa mutum biyu da ba su san abin da ke ranku ba, ɗaya tsoho ɗaya yaro, ku tambaye su wa ake nufi. In amsarsu ta zo ɗaya, igiyarku ta ɗauru. In ta rabu kamar ta agogo, ku koma ku sake. Shi kuma mai wannan waƙa muna jiran gyararren baiti na shida, za mu buga shi a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kwatar dai har yanzu tana nan a cike, kuma an ce ranar Asabar bayan sallar asuba za a fito da shebur. Allah ya ba mu ikon fitowa, da rawani da allo da biro baki ɗaya.